Kulorin, Tagulla da Gashin da Aka Rina Ruwan Zinare: Abin da Tafkin Ninkaya Ke Yi da Yadda Ake Kare Kai

Duk wadda ta rina gashinta ruwan zinare ta san abin da ta kashe kafin ya fito yadda take so: awoyi a kujerar mai gyaran gashi, zafin sinadari a fatar kai, da kuɗi ba kaɗan ba. Shi ya sa abin ke da ciwo idan aka shiga tafkin ninkaya sau biyu ko uku, sai a ga gashin ya bushe ƙamas, launin ya koma ruwan ɗorawa mai kaifi, wani lokacin ma bakinsa ya yi kore-kore. Nan take a ɗora wa kulorin laifin duka. Gaskiya kulorin na da nasa laifin, amma ba shi ke kawo koren ba. Ɓarna iri biyu ce ke faruwa a cikin ruwan, masu yin ta biyu ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar aiki. Wanda bai bambance su ba zai yi ta sayen shamfu iri-iri, gashin kuwa yana ƙara lalacewa.

Abin da bilicin ya riga ya yi kafin a shiga ruwa

Kowane silin gashi yana da ɓawo a waje, wanda aka jera shi falle a kan falle kamar ɓamɓarokin kifi. A ƙarƙashin ɓawon ne tsokar gashin take, wato furotin ɗin da ake kira keratin, tare da ƙwayoyin melanin da ke ba gashi launinsa. A saman ɓawon kuma akwai wani siririn maiƙo da gashi ke fitowa da shi tun daga saiwa, wanda ke hana ruwa shiga da sauri. Gashin da ba a taɓa ba, idan aka ɗiga masa ruwa, sai ɗigon ya ɗan tsaya a kansa kafin ya jiƙa.

Ba a samun ruwan zinare ta hanyar shafa launi a kan baƙin gashi. Sai an fara cire launin asali. Mai gyaran gashi tana haɗa hodar bilicin da ruwan feroksaid mai ƙarfin kashi 6, ko 9, ko 12 cikin ɗari, wanda a kan kwalba ake rubuta shi da lamba 20, 30 da 40. Wannan haɗin yana kumbura gashin, ya ɗaga ɓawon, ya shiga ciki ya narkar da melanin. Baƙin gashi ba ya tsallakawa zuwa fari kai tsaye. Yakan fara zama ja, sannan ruwan goro, sannan rawaya, daga ƙarshe rawaya mai haske. Masu sana'ar suna auna wannan da mataki daga 1 zuwa 10: baƙi wuluk shi ne 1, mafi haske shi ne 10. Mai baƙin gashi da ke son kaiwa mataki na 9 tana buƙatar ɗaga matakai kusan takwas, kuma sau da yawa zama ɗaya ba ya isa.

Farashin wannan tafiya guda uku ne. Maiƙon nan na saman ɓawo ya tafi, kuma ba ya dawowa sai dai a sabon gashin da zai tsiro. Ɓawon ya tsattsage, ruwa na shiga da fita ba shamaki. Na uku shi ne wanda ya fi shafar maganarmu: feroksaid yana tsinka wasu daga cikin mahaɗan sulfa da ke ɗaure keratin, ya mai da su wani asid da ake kira sistik. Waɗannan guraben suna da halin jawo ƙwayoyin ƙarfe da ke narke a ruwa su riƙe su gam. Saboda haka gashin da aka yi wa bilicin ya fi gashin asali kama ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma bakin gashin, wanda ya fi tsufa ya fi shan wuya, shi ya fi kamawa.

Bayan bilicin akan ɗora wani rini mara nauyi da ake kira tona, mai ɗan launin shunayya ko shuɗi, don ya kashe kaifin rawayar, launin ya fito a sanyaye. Tona ba ta shiga gashi da zurfi. Ko ba a je ninkaya ba, takan koɗe cikin 'yan makonni.

Aikin kulorin

Ana zuba kulorin a tafki ne don kashe ƙwayoyin cuta, kuma babu mai hankalin da zai so a daina. Ma'aunin da aka saba riƙewa shi ne miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, yayin da ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, ke tsakanin 7.2 da 7.8. Wannan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da ruwan bilicin wanki na gida, wanda ya ninka shi sau dubbai. Don haka shiga ɗaya ba ta ƙona gashi. Abin da ke ɓarna shi ne maimaici, da kuma barin ruwan ya bushe a kai.

Idan kulorin ya narke a ruwa yakan zama asid ɗin haifokuloros, wanda aikinsa cinye duk wani abu mai asali da rai da ya taɓa. Ba ya bambance ƙwayar cuta da furotin ɗin gashi. Tun a shekarar 1916 wani masanin sinadarai ɗan Jamus mai suna Allwörden ya lura cewa idan aka tsoma silin ulu a ruwan kulorin mai ƙarfi, ƙananan ƙuraje na tasowa a jikin ɓawonsa, saboda furotin ɗin da ke ƙarƙashi ya narke. Haka yake faruwa da gashin mutum. A tafkin ninkaya abin yana tafiya a hankali, amma hanyar ɗaya ce. Wani bincike da aka wallafa a Japan a shekarar 2000 a kan ƙwararrun 'yan wasan ninkaya ya nuna cewa gashin da yawa daga cikinsu ya dusashe, ɓawonsa ya zaizaye, kulorin ya kai ga ƙwayoyin melanin na ciki. Waɗannan kuwa masu baƙin gashi ne. Gashin da bilicin ya riga ya buɗe ba shi da ko wannan kariyar ta farko.

A kan gashi mai ruwan zinare, kulorin yana yin abubuwa uku da ido ke gani. Yana cinye tonar, sai rawayar da ke ƙarƙashi ta bayyana, launin ya yi kaifi. Yana wanke ɗan maiƙon da ya rage, sai gashin ya yi kaushi, ya dinga sarƙewa, mataji ya kasa wucewa. Yana kuma ƙara raunana keratin, sai bakin gashin ya tsage, silin ya dinga karyewa a tsakiya. Idan tafkin a fili yake, hasken rana yana ƙara wa wannan aiki sauri. Tafkunan da ake cewa na ruwan gishiri ne ba su kuɓuta ba, domin na'urarsu daga gishirin take samar da kulorin.

Daga ina koren yake zuwa?

Koren na tagulla ne, wato jan ƙarfe. Duk wanda ya ga tsohuwar wayar lantarki ko tsohuwar munduwa ta jan ƙarfe da ta daɗe a danshi ya san koren da ke fita a jikinsu. Shi ne dai wannan launin yake zama a gashi. Tagullar tana narke a ruwan tafkin, ido ba ya ganinta, sai ta manne a guraben nan da bilicin ya buɗe. Rawar da kulorin ke takawa a nan ita ce ta mai share hanya: yana ƙara buɗe gashin, tagulla ta sami wurin zama. Ana iya samun koren gashi a gidan da ba a taɓa zuwa ninkaya ba, idan bututun ruwan gidan na jan ƙarfe ne kuma ruwan na da tsami. Ana kuma iya yin shekara ana ninkaya a tafki mai kulorin ba tare da gashi ya yi kore ba, muddin babu tagulla a ruwan.

Hanyoyin da tagulla ke shiga tafki sanannu ne. Ta farko ita ce maganin gansakuka. Da yawa daga cikinsu gishirin tagulla ne, irin su kofa salfet mai launin shuɗi. A ƙasashe masu zafi gansakuka na saurin yaɗuwa a ruwa, don haka mai kula da tafki yakan yi ta zuba maganin. Kulorin yana ƙarewa, rana ma tana cinye shi, amma tagulla ba ta tashi da tururi. Ruwa ya ƙafe, a ƙara sabo, a ƙara magani, ita kuwa tana nan tana taruwa. Hanya ta biyu ita ce zaizayar bututu da na'urar ɗumama ruwa idan tsamin ruwan ya yi yawa, wato pH ya sauka ƙasa da 7.2. Dunƙulen kulorin da ake sakawa a tafki ya narke a hankali yana da tsami sosai, kuma idan ba a kula ba shi ke jan ma'aunin ƙasa. Ta uku ita ce na'urar da ke sakin tagulla da azurfa da gangan don tsabtace ruwa. Ta huɗu kuma ruwan da aka cika tafkin da shi, musamman na rijiyar burtsatse, wanda kan zo da ƙarfe iri-iri gwargwadon ƙasar da aka haƙa.

Adadin da ke ɓata gashi bai kai wanda ke cutar da jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar tagulla a ruwan sha a miligiram 2 cikin lita, amma gashin da aka yi wa bilicin yana iya yin kore a ƙasa da haka sosai, domin tara ta yake yi shiga bayan shiga. Ruwa zai iya zama garau, lafiyayye ga fata, amma ya ɓata gashi. Mai baƙin gashi ma yana ɗaukar tagullar, sai dai launin ba ya fita a kan baƙi.

Misali daga farko har ƙarshe

A ɗauki wata mai baƙin gashi da aka ɗaga shi zuwa mataki na 9 a zama biyu, aka ɗora tona. Bayan kwana uku ta sauka a otal, ta yi ninkaya ta rabin awa kullum har kwana biyar. Ba ta jiƙa gashin kafin shiga ba, ba ta sa hula ba, idan ta fito kuma sai ta zauna a rana ya bushe, ba ta wanke shi sai da dare. A rana ta biyu ta ji ya yi kaushi. A ta uku sanyin launin ya tafi, ya koma rawaya. A ta biyar bakin gashin da sashen ƙeya sun yi kore-kore, saiwar kuwa ba ta canja ba.

Yadda koren ya rabu a kanta shi ne shaida ta farko. Ya taru ne a inda gashin ya fi lalacewa da inda ya fi daɗewa cikin ruwa. Da tonar ce ta ɓaci tun a shago, da an ga launin a ko'ina tun ranar farko. Shaida ta biyu tana jikin tafkin: tabo mai launin shuɗi-kore a bango, ko a tsakanin tayil, ko a kan farar robar da ke bakin magudana. Ruwan da ya yi ɗan kore amma ana hango ƙasansa tar, galibi ƙarfe ne a cikinsa. Wanda ya yi kore ya kuma yi duhu, bangonsa na santsi, wannan gansakuka ce. Akwai 'yar takardar gwajin tagulla da ake tsomawa a ruwa ta canja launi cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma ya kamata mai kula da tafki ya mallake ta.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓa shi ne ɗauko shamfu mai launin shunayya. An yi shi ne don kashe rawaya, ba ya cire ƙarfe, kuma idan ya hau kan kore sai launin ya ƙara dagulewa ya yi toka-toka. Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, wato komawa a sake bilicin don a goge koren. Tagulla tana zaburar da feroksaid ya yi aiki da gaggawa ba bisa ƙa'ida ba, har haɗin ya yi zafi a kai, gashin ya yi laushi ya tsinke. Ƙwararriyar mai gyaran gashi ba ta ɗora bilicin ko rini a kan koren gashi sai ta cire ƙarfen tukuna.

Gyaran da ya dace yana bin tsari. Da farko a nemo shamfu mai cire ƙarfe, irin wanda ake yi wa masu ninkaya. Alamarsa ita ce a ga EDTA cikin jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, kuma ba can ƙarshen jerin ba, domin shamfu da yawa na ɗauke da ɗan kaɗan da bai isa wannan aiki ba. Wannan sinadari yana rungumar ƙwayar tagulla ya ɓamɓaro ta daga gashin, ruwa ya tafi da su tare. A jiƙa gashin da ruwan ɗumi, a shafa shamfun har baki, a bar kumfar ta zauna minti uku zuwa biyar ko gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, sannan a ɗauraye sosai. Kore mara ƙarfi yakan tafi a wanki ɗaya ko biyu. Idan ya kama sosai, a maimaita bayan kwana biyu, kada a yi ta yi a jere a rana ɗaya, domin shamfun yana busar da gashi. Kowane wanki a bi shi da kwandishina mai kauri a bar shi kamar minti ashirin. Idan bayan wanki uku koren yana nan, a je shago, akwai hodar cire ƙarfe mai ƙarfi, galibi mai bitamin C, da suke shafawa su rufe kan su ɗan ɗumama. Sai koren ya tafi ne za a sake ɗora tona don gyara rawayar da kulorin ya tono.

Magungunan gida suna da iyaka. Ruwan lemun tsami ko ruwan kal da aka sirka suna iya sassauta kore mara ƙarfi, tunda tsami na narkar da tagulla, amma suna busar da gashin da ya riga ya bushe, lemun tsami kuma idan ya haɗu da rana yana iya ƙona fata. Tumatirin kwalba da Turawa ke shafawa yana da ɗan tsami, jan launinsa kuma yana dushe kore na ɗan lokaci, sai dai bai kai shamfun da aka yi don aikin ba. Abu guda kuma babu maganin da ke dawo da shi: furotin ɗin da aka riga aka cinye. Idan aka ja jiƙaƙƙen sili ya miƙe ya ƙi komawa, ko ya tsinke ba tare da wani ƙarfi ba, wannan sashen sai almakashi.

Kariya kafin shiga da bayan fita

Rigakafin ya fi gyaran sauƙi da arha. Matakin farko shi ne haƙuri bayan rini. A bari aƙalla kwana uku su wuce kafin a shiga tafki, mako guda ya fi idan bilicin mai ƙarfi aka yi.

Ranar shiga kuma, a fara tsayawa ƙarƙashin shawa a jiƙa gashin sharkaf da ruwa mai tsabta. Busasshen gashi yana shan ruwa har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wanda aka yi wa bilicin ya fi haka. Idan ya riga ya ƙoshi da ruwan famfo, abin da zai sha na tafki ya ragu. Bayan an jiƙa, a shafa ɗan kwandishina ko man kwakwa daga tsakiya zuwa baki. Man kwakwa ya fi yawancin mayuka a nan, domin yana ratsa cikin silin ya rage kumburinsa da zubar furotin. Man kaɗanya yana rufe waje, shi ma yana taimakawa. Kaɗan ya isa, don mai da yawa yana gurɓata ruwan jama'a. Daga nan a kitse gashin kalaba ɗaya ko biyu, a sa hular ninkaya ta silikon, wadda ta fi ta roba laushi kuma ba ta fizgar gashi. Hula ba ta hana ruwa shiga gaba ɗaya, amma tana hana sabon ruwan tafki ya yi ta ratsa gashin, wannan kuwa shi ne babban amfaninta.

Da an fito, a ɗauraye nan take kafin gashin ya bushe. Idan ya bushe da ruwan tafki, ruwan ne kawai ke tashi, abin da ke narke a cikinsa yana nan a kan silin. Bitamin C yana kashe kulorin cikin ƙiftawar ido: ƙaramin cokali ɗaya na garinsa a cikin rabin litar ruwa, a fesa a gashi, a ɗauraye, sannan a wanke da shamfu mai sauƙi a bi da kwandishina. A riƙa haɗa sabo, domin ba ya jimawa idan ya narke. Mai ninkaya a kai a kai ta yi amfani da shamfun cire ƙarfe sau ɗaya a mako, kada ta jira sai kore ya fito.

Akwai ƙarin lura ga masu gashi irin namu. Gashi mai murɗewa yana da rauni a kowace lanƙwasa, kuma maiƙon fatar kai ba ya gangarowa zuwa bakinsa da sauƙi, don haka bushewar kulorin ta fi yi masa illa. Idan kuma an taɓa miƙar da shi da rilaksa sannan aka yi bilicin, mahaɗan keratin sun sha tsinkewa sau biyu, irin wannan gashi bai kamata ya shiga tafki ba hula ba. Kitso da ƙarin gashi suna riƙe ruwa na awoyi a cikin saƙarsu, sai an matsa an ɗauraye su da kyau har ruwa ya ratsa. Hular gashi ko ƙarin gashin mutum mai lamba 613, wato mai haske sosai, shi ma bilicin aka yi masa, kuma ba shi da saiwar da za ta ba shi maiƙo, don haka yana yin kore kamar na kai ko fiye. A cire shi kafin a shiga. Samarin da ke rina saman kansu irin na 'yan ƙwallo su ma abin ya shafe su, sai dai gajeren gashi aski ɗaya ke raba shi da matsalar.

Masu tafki su ma suna da nasu nauyin. Idan suka riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.8, suka zaɓi maganin gansakuka marar tagulla, suka riƙa gwada ƙarfen ruwan lokaci-lokaci, koren gashi ba zai taso ba tun farko. Ke kuma mai gashin, kafin ki shiga tafkin da ba ki sani ba, ki dubi bangonsa, ki tambayi mai kula da shi irin maganin gansakukar da yake zubawa. Ki jiƙa gashinki, ki rufe shi, ki ɗauraye da zarar kin fito. Idan kuma launi ya canja, ki fara tantance wanne ne: rawaya da kaushi aikin kulorin ne, maganinsu tona da kwandishina, kore aikin tagulla ne, kuma sai an cire ta kafin a taɓa gashin da wani rini.